Jinin da ke rikicewa bayan allura da ashanar hannu: a gaya wa mace tun kafin a saka

Wata uku bayan an saka wa ƙanwata ashanar hannu ta tazarar haihuwa, ta zo gidana da yamma, ta zauna a bakin tabarma, ta naɗe hannun riga ta nuna mini wurin. Ta ce, "Yaya, gobe zan je a cire. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ganin ɗigo, ya tsaya kwana biyu ya dawo. Ban ma san ko ina da tsarki ba." Na tambaye ta me aka gaya mata ranar da aka saka. Ta ce an ce kada ta jiƙa wurin na kwana biyu, kuma ta dawo bayan shekara uku. Shi ke nan.

A ganina laifin yana nan. Abin da ya same ta an san shi, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin maganin, kuma bayaninsa ba zai ci minti biyar ba. Macen da aka gaya wa tun farko cewa al'adarta za ta canza, idan ta ga canjin hankalinta a kwance yake. Wadda ba a gaya wa ba kuwa, tana ganin ɗigo sai ta ɗauka mahaifarta ce ta lalace.

Allurar wata uku, wato Defo da ƙaramar 'yar'uwarta Sayana da ake yi ƙarƙashin fata, da allurar wata biyu Noristarat, da ashana guda ɗaya ta shekara 3, Imfilanon, da guda biyu ta shekara 5, Jadel, duk suna ɗauke da sinadari iri ɗaya a dangi, furojestin. A jikin macen da ba ta amfani da komai, shimfiɗar cikin mahaifa tana yin kauri kowane wata saboda jiran ciki, idan cikin bai shiga ba sai ta zube, shi ne jinin haila. Furojestin yana hana wannan shimfiɗa yin kauri. Tana zama siririya, ƙananan jijiyoyinta kuma ba su da ƙwari, sai su riƙa tsattsafo da jini ba tare da bin kalanda ba. Wannan ne ɗigon. Idan shimfiɗar ta ƙara sirancewa, sai ya zama babu abin da zai zubo, al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

Ina so a tsaya a kan wannan, domin shi ne abin da ya fi tsorata mata. Ana cewa jinin da bai fito ba yana taruwa a ciki, zai zama ƙari ko ya kumbura mace. Ba ya taruwa, domin ba a ma samar da shi ba. Mai shayarwa tana yin watanni ba ta ga al'ada ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa jini ya daskare a mararta.

Sai dai allura da ashana ba hanya ɗaya suke bi ba, kuma wannan bambanci ya kamata ya shiga lissafin mai zaɓa. Da Defo, watannin farko ne masu wahala: ɗigo, jini mai jan kwanaki, zuwa ba lokaci. Daga nan abin yana raguwa da kowace allura, har idan an cika shekara kusan rabin masu yinta ba sa ganin jini sam. Da Imfilanon ba haka ba ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar ce al'adarta ke ɗaukewa, kusan ɗaya cikin biyar kuma tana fama da jini mai yawan zuwa ko mai daɗewa, sauran suna tsakani. Kuma ba za a iya yi wa mace alkawarin cewa zai daidaita ba: wasu yana sauƙi bayan watannin farko, wasu haka za su yi ta tafiya da shi. Jadel takan rikita al'ada a shekarar farko, daga baya sau da yawa ta lafa.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake faɗa ba. Ashana, idan ta dame ki, a cire ta yau, cikin 'yan kwanaki sinadarin ya bar jiki, ciki ma zai iya shiga nan da nan. Allura kuwa idan ta shiga ta shiga, sai an jira ta ƙare aikinta, kuma bayan an daina, ɗaukar ciki yakan jinkirta, da Defo a matsakaici wajen wata goma daga allurar ƙarshe. Wannan jinkiri ba rashin haihuwa ba ne, amma wadda take son sake ɗaukar ciki baɗi tana da haƙƙin sanin wannan kafin ta miƙa hannu.

Washegari na raka ƙanwata asibiti, muka dace da wata ungozoma mai haƙuri. Ta tambaye ta yawan jinin, ta ce audugar mata ɗaya tana kai ta yini, wani lokacin tabo ne kawai. Ta tambaya ko akwai ciwon mara, zazzaɓi, ruwa mai wari, ko jini bayan saduwa. Babu. Ta ja fatar idonta ta duba, ja ne, ba fari ba. Ta taɓa hannun ta ji ashanar tana nan. Ta tambaya ko tana shan maganin tarin fuka, ko na farfaɗiya, ko na ƙanjamau, domin wasu daga cikinsu, irin su rifamfisin, suna rage ƙarfin ashana har ciki ya iya shiga. Ba ta shan komai. Ta yi mata gwajin ciki, babu. Da ta tabbatar ba ta da gyambon ciki, sai ta rubuta mata ibufurofen na kwana biyar, a sha bayan cin abinci, ta ce idan bai yi ba akwai ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum da ake bayarwa na kwana 21 ga wadda jikinta ya dace da ita. Ta kuma faɗa mata gaskiya: "Hajiya, wannan maganin yana tsayar da shi na ɗan lokaci ne, zai iya dawowa. Idan kin gaji, ki zo in cire miki, ba sai kin ba ni dalili ba."

Waɗannan tambayoyi su ne ke raba canjin da ake tsammani da wanda ke buƙatar bincike. Jinin da ya ninka wanda mace ta saba, ko ya zarce kwana takwas yana zuba sosai, a je a duba, musamman idan da jiri, haki ko bugun zuciya, domin mata da yawa a nan dama jininsu bai cika ba bayan haihuwa. Jinin da ya ɓullo sabo bayan watanni ana zaune lafiya, ko jini bayan saduwa, kada a ɗora wa allura laifi a zauna, ana iya samun cutar sanyi ko matsalar bakin mahaifa a ƙarƙashi. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya tare da jiri kuwa, ba ya jiran wayewar gari, domin zai iya zama ciki a wajen mahaifa.

Na san masu cewa ɗigo ai ƙaramin abu ne, mace ta yi haƙuri. Ban yarda ba. Ga macen da ke salla sau biyar, ga azumi, ga miji, ɗigon kwana goma sha ɗaya babban abu ne ko da likita ya ce ba cuta ba ce. Ƙanwata ta fi damuwa da sallarta fiye da jinin kansa. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai, mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, muddin ba ta wuce goma sha biyar ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, tana wanka ta yi salla. Jinin da ke yankewa yana dawowa yana da nasa lissafin, shi ya sa na tura ta wurin malamar Islamiyyarsu da kwanakin a rubuce.

Ta bar ashanar a hannunta. Yanzu tana da ƙaramin littafi a ƙarƙashin matashi, tana sa ɗigo ɗaya ranar tabo, biyu ranar da ya zuba sosai. A wata na shida kwanakin sun ragu zuwa huɗu ko biyar. Ta ce za ta ba shi zuwa bayan babbar salla, idan ya sake jan kwanaki ta koma wurin ungozomar a cire.