Sai Majalisa Ta Maimaita Kafin Maigida Ya Ji

Da kakar da ta wuce, wani maƙwabcinmu a nan Ƙofar Marusa ya sayo wake buhu uku don ajiya. Yaran unguwa na sauke kayan a zaure, matarsa ta kwance bakin buhu ɗaya, ta damƙo, ta sa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. Ba ta ji ƙaras ɗin busasshen wake ba, haƙori ya nutse. Ta kai tafin hannunta wajen haske, sai ga ɗigo-ɗigon fari manne a jikin wasu ƙwayoyin.

"Malam, waken nan bai gama bushewa ba, kuma ƙwari sun riga sun yi ƙwai a jikinsa. A shanya shi kwana biyu ko uku, sannan a ɗura a jarka a toshe."

"Ke mi kika sani a harkar hatsi? Wanda ya raka ni kasuwa shekara nawa yana wannan sana'a."

Aka jingine buhunan a ɗakin ajiya. Ƙwaron wake cikin kamar wata guda yake tashi daga ƙwai ya zama babba, ya huda ƙwayar ya fito, shi ma ya zuba nasa ƙwan. Dalilin ɗurawa a jarka ke nan, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki: in iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke. Bayan wata uku buhunan sun ɗauki ɗumi, gari na zuba ta ƙasansu, wake ya zama rariya. Da dare maigidan ya dawo daga majalisa da sabon ilimi: "Alhaji ya ce ai shanyawa ake yi a ɗura a jarka. Gobe ki sa yara su nemo jarkoki."

Da take ba ni labari, ba asarar waken ta tsaya mata a rai ba. Cewa ta yi, "Yaya, ko a fuskarsa ban ga alamar ya tuna na taɓa faɗa ba."

Mutumin nan ba kurma ba ne, kuma ba mai taurin kai ba ne. A waje yabonsa ake yi da sauƙin hali. Hajiyarsa ta yi magana ya ce to, ƙanwarsa ta bugo waya ya ce to, mai shayin bakin titi ya kawo shawara a kan makarantar da za a sa yaro, ya tsaya ya auna. Mutum ɗaya ce maganarta ba ta da nauyi, ita ce kuma wadda ta san tiya nawa gidan ke ci a mako, da yaron da ya kwana yana tari. A ganina abin da ke toshe kunnen irin waɗannan maza tsoro ne, tsoron suna guda: mijin-ta-ce. In ya bi shawarar aboki ta ɓaci, ƙaddara ce. In ya bi ta matarsa ta yi kyau, sai a ce an shanye shi. Kowane yaro ya taso yana jin yadda ake dariyar wanda ya ce "bari in tambayi mai ɗakina", shi ya sa da ya girma yake gudun furta ta ko a cikin ɗakinsa, inda babu mai ji.

Wasu har rigar addini suke sa wa abin, suna jawo maganar nan ta "ku shawarce su, ku saɓa musu". Malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa ba ta da asali daga Annabi (SAW). Abin da ya tabbata a Bukhari kishiyarta ne. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Annabi ya umarci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, har sau uku, babu wanda ya motsa saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhun. Ya shiga wurin Ummu Salama ya gaya mata. Ta ce ya fita, kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Haka ya yi, jama'a suka tashi suna rige-rige. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara kuwa, ko yaye yaro an ɗora shi ne a kan yardar uwa da uba da shawarar juna. Wanda ke ƙin sauraron matarsa ya nemi wani dalilin, wannan ba nasa ba ne.

Inda na fi saɓawa da jama'a shi ne maganin da mu mata muke ba juna. In mace ta kawo wannan kuka, amsar da take samu a gidan biki ko wajen uwar ɗakinta kusan ɗaya ce: "Ki bi ta hannun wanda yake jin maganarsa." Wato ta gaya wa Hajiya, ko ta roƙi matar amininsa ta sa mijinta ya faɗa a majalisa. Dabarar tana aiki, ban musa ba, ni ma na taɓa zama 'yar aiken irin wannan saƙo. Amma a duba kuɗinta. Maganar da za a gama a minti biyar sai ta yi mako tana zagaye gari, alhali zazzaɓin yaro ba ya jiran mako. Sirrin gida, daga bashin da ake bin maigida har rashin lafiyarsa, ya ratsa bakuna uku kafin ya dawo. Mafi muni, duk lokacin da shawararta ta iso da sunan wani, mijin yana ƙara samun shaidar cewa masu hankali a waje suke. Da hannunta take ƙara wa Alhajin majalisa daraja.

Na san abin da maza za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Wata takan tare mutum da magana tun bai cire takalmi ba, wata takan haɗa shawara da gori, wata kuma shawarar tata ba daidai ba ce. To amma abokan majalisa ma suna kuskure, wanda ya raka shi sayen waken ai bai rasa kujerarsa ba. Ana yafe wa na waje kuskure goma, ta gida kuma ana riƙe mata ɗaya shekara da shekaru. Sauraro kuma ba biyayya ba ne. Ba wanda ya ce maigida ya sauka daga shugabanci. Ya tambaya "mi ya sa kika ce haka?", ya ji dalilin, in ya ga ba haka ba ya faɗi nasa. In kuma daga baya ta tabbata ita ce da gaskiya, ya buɗe baki ya ce "kin faɗa". Wannan kalma biyun maƙwabciyata ta jira a daren jarkoki.

Maza da yawa suna ɗaukar shirun mace a matsayin zaman lafiya ya samu. Sau da yawa alama ce ta cewa ta daina kawo rahoto. Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin waliyyi ba, tuwo na sauka a kan lokaci. Sai dai ta ga tsagewar bango ta yi shiru, ta lura da abokan da babban ɗansu ya fara bi ta yi shiru, tana jiran ranar da wani a waje zai gani ya faɗa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga gidan maƙwabciyar tawa, na tarar an sauke buhunan gero biyu a inda ɗigon rufi ke sauka da damina. Na nuna mata da ido. Ta kalli rufin, ta kalli buhunan, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Alhaji zai gaya masa," in ji ta.