Ƙara zurfin rijiya ba ya korar gishiri

"Rijiyar burtsatsenmu da ke kusa da teku ta fara gishiri, ko mu ƙara mata zurfi?"

A'a Malam, ƙara zurfi kusantar matsalar ne. A cikin yashin gaɓar teku, ruwan daɗi yana zaune ne a saman ruwan gishiri domin ya fi shi rashin nauyi: lita ɗaya ta ruwan daɗi giram 1,000 ce, ta teku kuwa kusan 1,025. Wannan ɗan bambancin ne ya sa kowace mita ɗaya da ruwan ƙasa ya ɗara tsayin teku take riƙe da kusan mita 40 na ruwan daɗi a ƙasa.

To, a ce ruwanku mita ɗaya yake sama da teku, sai famfo ya janye rabin mita. Sannu a hankali gishirin zai taso kusan mita 20, ya yi tsini daidai ƙarƙashin rijiyar, yashi kuma ba ya tare shi. Ruwan teku kashi 2 cikin 100 kacal a cikin ruwan rijiya ya isa ya kai kuloraid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, sama da miligiram 250 a lita, inda harshe ke fara jin sa.

Gara rijiyoyi marasa zurfi guda uku ko huɗu, nesa da juna da kuma gaɓa, ana jan ruwa kaɗan-kaɗan, da babbar rijiya ɗaya. A riƙa auna gishirin duk wata, musamman ƙarshen rani. Da ya fara hawa a rage ja nan take, don yashin da ya sha gishiri yakan ɗauki shekaru kafin ruwan sama ya wanke shi.