Kara ce ke lalata intabiyun gwaji

Na sha ganin samarinmu a nan Sakkwato, musamman waɗanda suka gama Danfodiyo ko Kwalejin Shehu Shagari, suna zama da aboki su gwada intabiyu kafin ranar ta zo. Wurin ba da maki ne abin ke lalacewa. Aboki ya gama kame-kamensa, kai kuma ka ce masa "wallahi ka yi ƙoƙari, takwas cikin goma". Ka yi masa kara, alhali waɗanda za su zauna gabansa ba su san shi ba, balle su ji kunyarsa.

Ni a ganina, tun kafin a yi tambayar farko ya kamata ku rubuta ma'anar kowane maki a takarda. Kada ku wuce sifiri zuwa 3, domin a ma'aunin goma babu mai iya faɗin bambancin shida da bakwai. Sifiri na wanda ya kauce wa tambayar ne. Wanda ya amsa amma babu misali, 1. Wanda ya kawo abin da ya taɓa yi da kansa, 2. Sai ya faɗi yadda abin ya ƙare sannan ya ci 3.

A ce aikin koyar da lissafi ake nema a firamare, aka tambaye shi yadda zai yi idan rabin ajinsa ba su gane rabawa ba. Ya ce zai yi haƙuri da yara, zai ƙara himma. Magana mai daɗi, amma 1 ce. In ya ce lokacin da yake koyarwar gwaji ya raba wa yara ƙwallayen dabino ashirin su kasa wa mutum huɗu, ya kai 2. In ya ƙara da cewa washegari ya ba su jarrabawa ya ga su wa suka gane, su wa suka rage, ga 3. Kun ga babu wurin gardama a nan, kuma zumunci bai taɓu ba.

Akwai rashin adalcin da ba a lura da shi: in kuna yi wa juna tambayoyi bi da bi, wanda zai amsa na biyu ya riga ya ji tambayoyin. Don haka kowa ya rubuta tambaya biyar daga sanarwar aikin, a naɗe, mai amsawa ya zaro uku, a ba shi minti biyu kan kowace. In da Turanci za a yi ta gaske, da Turanci za ku yi, ko da kuwa dariya na cin ku.

Mai tambaya ya rubuta makinsa shiru, kada ya gyaɗa kai, kada ya ce "madalla". Ku ɗauki muryar a waya. In abokinka ya ce ai ya kawo misali, ku mayar da ita baya ku saurara tare, ya nuna maka daidai inda ya faɗa.