Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba

"Malam, ba tsutsa ce ke huda haƙori ba?" Ɗalibai a Kaduna sun sha yin wannan tambaya.

A'a, babu wata tsutsa. Wannan farin dattin mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora gida ne na ƙwayoyin bakteriya, da ido ba ya iya gani. Idan ka sha shayi mai sukari ko ka tsotsi alewa, sai su ci sukarin su fitar da asid. Cikin 'yan mintoci ma'aunin tsami, wato pH, zai sauka a wurin, alamar tsamin ya ƙaru, kuma da zarar ya yi ƙasa da kimanin 5.5, sai farin ɓawon haƙori ya fara narkewa, kalsiyam da fosfet suna fita daga jikinsa.

Yawu ne ke gyara ɓarnar. Yana wanke asid, ya mayar da sinadaran da suka fita, amma yana bukatar minti 30 zuwa 60. Fulorayid na man goge baki yana taimaka masa.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibar da ta shanye lemon kwalba da abincin rana ta jawo wa haƙoranta farmaki guda. Wadda ta yi ta kurɓarsa tun daga aji har hanyar Kawo kuwa, ba ta bar wa yawu damar aiki ba, alhali sukarin ɗaya ne. Ni a ganina yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin haɗari.

Alamar farko wani farin tabo ne kamar alli kusa da dasashi, ba ciwo, kuma yana iya warkewa. In rami ya buɗe, sai likitan haƙori ya cike shi.