Farasitamol da safe ba sallamar asibiti ba ne

Iyayen yara ku yi haƙuri yau da ku nake, kuma har da masu zuwa ofis suna atishawa a kan mutane. Ni malamar firamare ce, duk shekara da hunturu ya shigo abu ɗaya nake gani. Za a kawo yaro ƙarfe bakwai da rabi jikinsa sanyi ƙalau yana ta wasa, kafin a tashi tara ya ɗan yi laushi, zuwa sha biyu ya kifa kai a kan benci jiki kamar garwashi, in ka tambaye shi sai ya ce Umma ta ba ni magani da safe ta ce in zo kar jarabawa ta wuce ni. Wallahi ba warkewa ya yi ba, farasitamol ne ya danne zazzaɓin, aikinsa kuma awa huɗu ne zuwa shida, yana sakinsa zazzaɓi ya dawo inda ya tsaya. Kwana biyu uku sai ka ga na kusa da shi su ma sun kwanta.

Wani abu da ke ruɗa mu shi ne komai mura muke ce masa. Akwai 'yar murar nan ta yoyon hanci da atishawa wadda mutum ke yawonsa da ita, akwai kuma babbar, wadda likitoci ke kira fulu ko infuluwenza. Ita wannan ba ta sallama, da safe kana lafiya da yamma ka ji kamar an yi maka dukan tsiya, zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari, kasala. A kanta nake magana.

Ga yadda lissafinta yake. In ka ɗauka daga wani, takan yi kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ta nuna kanta, yawanci biyu. Abin haushin shi ne tun kwana ɗaya KAFIN ka ji komai ka fara rabawa mutane, wannan kam ba laifin kowa, ba wanda ya san gaibu. Amma kwana ukun farko bayan ta kwantar da kai su ne mafi muni, lokacin ƙwayar cutar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro, tari ɗaya ko atishawa ɗaya ya isa ya kai ta ga wanda ke zaune kamar mita biyu daga gare ka. Daga nan sai ta riƙa raguwa, babba mai ƙoshin lafiya yakan iya yaɗawa har kwana biyar zuwa bakwai daga ranar da ya fara. Ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki sukan wuce haka, yaro ƙarami zai iya kaiwa kwana goma ko fiye. To ku duba, ranakun da aka fi turo mana su da magani a ciki su ne daidai waɗancan kwana ukun.

Ƙa'idar komawa kuma ba ta da wahala: awa 24 cur babu zazzaɓi, BA tare da an sha maganin saukar da zazzaɓi ba, kuma jikin gaba ɗaya yana samun sauƙi. Wannan "ba tare da magani ba" ɗin shi ne mutane ke tsallakewa. Kuma ba farasitamol kaɗai ba, ibuprofen ma haka, har da haɗe-haɗen maganin muran nan na kemis, yawancinsu akwai farasitamol a ciki, ku juya kwalin ku karanta.

Bari in ba ku misali da ɗiyata da ke aji huɗu. Litinin da yamma ta fara, na sa mata tamomita ya nuna 38.9. Talata muka je aka yi gwajin maleriya don a garin nan ba a wasa da zazzaɓi, ba ta da ita. Talata da Laraba tana kwance. Laraba ƙarfe goma na dare na ba ta farasitamol, Alhamis da safe ta tashi garau har tana neman kokonta da ƙosai, babanta ya ce to a sa mata yunifom. Na ce Baban Ummi a'a, daga goman dare zuwa yanzu awa tara ne kawai, mu jira goman daren yau mu gani. Ai kuwa bayan la'asar jiki ya sake ɗaukar zafi, 38.2. Shi ke nan lissafi ya rushe, sai a sake daga farko. Na ba ta magani wajen ƙarfe biyar na yammar Alhamis, shi ne na ƙarshe, Juma'a ta wuni ba zazzaɓi ba magani, zuwa yammar Juma'a awa 24 ta cika. Ko islamiyyar Asabar da Lahadi ban bari ta je ba, don ɗakin nasu yara sun fi hamsin a kan tabarma kafaɗa da kafaɗa. Litinin ta koma boko, kwana bakwai cif. Da na biye wa safiyar Alhamis da a rana ta uku na kai ta cikin aji.

Ko bayan awa 24 ɗin ma ba wai ƙwayar ta ƙare ƙarƙaf ba ce, raguwa ta yi. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, a shawarar da ta fitar a 2024 ta ce bayan an koma a ƙara kwana biyar ana taka-tsantsan. Wato takunkumin nan da muka jefar bayan korona a ɗauko shi, a wanke hannu da sabulu, a yi tari a cikin gwiwar hannu, a buɗe taga. Ni zan ƙara da cewa a cikin kwanakin nan kar a je barkar haihuwa a ɗauki jariri, kar a je a zauna kusa da kaka ko mai ciki ko mai asma ko ciwon suga, su ne murar da ka yi kwana huɗu ka miƙe za ta iya kai su gadon asibiti.

Sai ɗaya ɓangaren, masu cewa sai tari ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan kuma an wuce gona da iri, tarin bayan fulu yakan kai sati biyu har fiye, saboda maƙogwaro bai gama warkewa ba, ba dole sai an tsare yaro a gida duk tsawon nan ba. Amma in ya haura sati biyu ana rama ko gumin dare, a je a yi gwajin tibi. In kuma an samu sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi da tari mai tsanani, ko numfashi na sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko yaro ya ƙi shan ruwa ya daina fitsari, wannan ba maganar makaranta ba ce kuma, asibiti za a nufa, zai iya zama ciwon huhu ne ya biyo baya.

Af, masu cewa ai na sha amoksilin kwana biyu don haka ba zan shafa wa kowa ba, fulu bairos ce, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, asarar kuɗi kawai. Asfirin kuma kar a ba yaro mai mura da zazzaɓi ko kusa.

Na san za a ce Malama ke albashi kike ɗauka, mai adaidaita ko mai shago a Kwari in bai fita ba me za a ci. Gaskiya ne, ban da bakin musu. Abin da zan ce kawai, in kwana bakwai ba zai yiwu ba a daure a ba kwana ukun farkon nan haƙƙinsu, in kuma fitar ta zama dole a sa takunkumi, sallah ma a yi ta a gida a ranakun zazzaɓin. Shugabannin makarantu da ogannin ofis ku ma da naku, in kuna yanke maki ko albashi saboda kwana uku na jinya, ku ne kuke sa a haɗiyi farasitamol a taho. Ni dai a ajina duk wanda jarabawa ta wuce shi saboda zazzaɓi ina ajiye masa takardarsa ya zo ya rubuta daga baya, ku bar min shi a gida don Allah.