Tambayar da ke kayar da mutane a jarrabawar shugabanci

Makon jiya na zauna da wasu ma'aikata a Birnin Kebbi suna shirin jarrabawar kwas ɗin shugabanci, kuma tambaya ɗaya ta kayar da mafi yawansu. Abin ya tsaya mini a rai, don kuskuren da suka yi a takarda shi ne wanda nake gani kullum a wuraren aiki.

Ga tambayar. Wani ma'ajin sito a injin gyaran shinkafa ya shekara 12 yana rubuta shigar buhuna da fitarsu a littafi, ba a taɓa samun ko buhu ɗaya ya ɓata ba. Sai aka kawo kwamfuta aka ce da ita za a riƙa lissafi. Sati biyu ke nan yana gudun ta, kullum sai ya ce gobe, kuma ranar da ya gwada sai ya shigar da lissafin jiya a gurbin na yau. Me za ka yi a matsayinka na manaja? Amsoshi huɗu ne: ka zauna ka nuna masa mataki-mataki kana duba aikinsa, ko ka koya masa kana bayyana dalili kana ƙarfafa masa gwiwa, ko ka saurare shi ku yanke shawara tare, ko ka bar shi tunda ya san aikinsa.

Yawancinsu ta ƙarshe suka zaɓa. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, mutumin da ya shekara goma sha biyu ai ba a tsaya masa a ka." Na fahimce shi sarai, mu mutane ne masu ganin girman na gaba. Amma amsar ba daidai ba ce.

Tsarin da ake ɗauko waɗannan tambayoyi daga cikinsa na Paul Hersey ne da Ken Blanchard, sun fara fitar da shi a 1969. Abu biyu yake aunawa a wurin mabiyi: iyawa da niyya, kuma ƙarfin gwiwa yana cikin niyya. Harafin R matakin mabiyi ne, S kuma salon da shugaba zai bi da shi. Wanda bai iya ba kuma yana ɗari-ɗari shi ne R1, ana bi da shi da S1, wato umarni filla-filla. R2 bai iya ba amma yana so, sai S2, koyarwa da bayani. R3 ya iya amma gwiwarsa ta yi sanyi, sai S3, saurare da shawara. R4 ya iya kuma yana so, sai S4, a sakar masa aikin.

Abin da ake mantawa shi ne ana auna mutum ne a kan aiki guda, wanda ke gabansa yanzu. Ma'ajin nan R4 ne a littafi. A kwamfuta kuwa, duba abin da labarin ya ba ka: lissafin da ya rikita ya nuna bai iya ba, "gobe, gobe" ta nuna tsoro. R1 ke nan, amsa ita ce ta farko. Shekaru 12 ɗin nan tarko ne aka ɗana a cikin tambayar. Kuma S1 ba tsawa ba ce, don Allah a lura. Kana iya jan kujera kusa da shi bayan an tashi aiki, ba a gaban yaransa ba, ka ce, "Baba, yau shigar da buhunan da suka iso kawai za mu yi," ka duba da safe. Barinsa shi kaɗai da na'urar da yake tsoro, shi ne zai kunyata shi ranar da lissafi ya ƙi daidaita.

Yanzu a sauya abu ɗaya. Ba a kawo kwamfuta ba, littafinsa ne dai na da, amma tun da aka ƙara wa wani girma aka tsallake shi ya soma sakaci. Nan iyawa tana nan daram, niyya ce ta karye. Ya sauko daga R4 zuwa R3, don haka kai ma taki ɗaya za ka ja baya, daga S4 zuwa S3. In ka zauna kana koya masa rubuta buhu, ka ƙara masa ciwo a kan ciwo. Tambayarsa za ka yi me ke damunsa, ka kuma yi shiru ya faɗa.

Wuri ɗaya ne nake tausaya wa masu jarrabawa, wato sabon ma'aikaci mai zumuɗi wanda bai san komai ba. A tsarin Hersey shi R2 ne, amsarsa S2. A sigar da Blanchard ya gyara daga baya, wadda ake kira SLII, inda ake rubuta matakan mabiyi da D maimakon R, shi D1 ne, amsarsa S1. Labari ɗaya, amsa biyu. Kafin ka shiga ɗakin jarrabawa, buɗe takardun kwas ɗinka ka ga ko da harafin R aka rubuta matakan ko da D.