Ƙwallon da Na Harba Sararin Samaniya

Tun ranar da na cika baki a gida cewa fizis ba ya ba ni tsoro, ɗan yayata ya mai da ni malaminsa na kyauta. Wani dare sai ga hoto a wayata, da saƙo: "Kawu, taimaka, gobe za a karɓa."

Hoton giraf ne na ƙarfin bugun ƙwallo. Layin tsaye yana nuna ƙarfi, na kwance lokaci. Zanen ya tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa a Niyuton 1800, ya sauko sifili a kan lamba 10, wato alwatika. Nauyin ƙwallon kilogiram 0.45. Ana son a nemo imfols, wato jimlar tasirin ƙarfin bugun a tsawon lokacin da ya ɗauka, da kuma canjin gudun ƙwallon.

Na gyara zama. Imfols ai girman filin da ke ƙarƙashin zanen ne, domin ƙarfin ba tsaye yake wuri ɗaya ba, hawa yake yana sauka, don haka ba a ninka ƙololuwar da lokaci kai tsaye. Filin alwatika kuwa rabin gindi ne sau tsayi. Rabin 10 sau 1800 ya ba ni 9000. Na raba da nauyin, tunda `Δv = J/m`, wato canjin gudu shi ne imfols a raba da nauyi, sai ga mita 20,000 a sakan. Na tura masa ina hura hanci.

Can ya kira ni. "Kawu, wannan ƙwallon za ta dawo kuwa?" Wai a littafinsu, abin da ya kai gudun kilomita 11.2 a sakan ya kuɓuce wa jan duniya ke nan. Tawa ƙwallon ta kusa ninka hakan.

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Ashe babban yatsan yaron ya kwanta a kan harafi ɗaya! A ƙasan layin `ms` aka rubuta, ni kuma `s` kaɗai na gani. Milisakan 10 ne, wato sakan 0.01. Dama wane ɗan wasa ne ƙafarsa za ta manne da ƙwallo har sakan goma? Sai dai in gam ya shafa wa takalmin. Da na sake lissafi, rabin 0.01 sau 1800 ya ba da 9, canjin gudun kuma mita 20 a sakan, irin na bugun ɗan Adam.

Har na ce masa ya rubuta ƙwallon ta tafi da gudun 20, sai ya ce, "Af, akwai layi ɗaya da bai fito a hoton ba." Ƙwallon tana tahowa wajen ɗan wasan ne da gudun mita 8 a sakan. To 20 ɗin canji ne kawai: 8 daga ciki ya tafi wajen tsayar da ita, ragowar 12 shi ne gudun da ta koma da shi.

Na ce ya sake ɗauko shafin gaba ɗaya, ya kawar da yatsansa. Ya turo. Wannan karon inuwar kansa ce ta rufe nauyin ƙwallon.